Mabiya dubu 18, masu gani ɗari uku: ina sauran suka shiga?

Assalamu alaikum Anti. Ina sayar da atamfa da leshi a Kano, a Kantin Kwari nake saro kaya. Na buɗe shafin kasuwancina a Facebook a 2019. Lokacin da mabiyana ba su wuce dubu huɗu ba, in na yi fostin sai mutum sama da dubu biyu su gani, kuma ana ciniki. Daga baya na riƙa rabon data da kati, duk mai so sai ya bi shafin ya yi tagin mutum biyar, har mabiya suka kai dubu 13. Na kuma biya wani yaro ya ƙaro min dubu biyar. Yanzu ina saka hotunan da dila ke turo mana har sau goma a rana, amma da ƙyar mutum ɗari uku ke gani. Wasu sun ce rufe ni aka yi a ɓoye, wasu sun ce hassada ce. In buɗe sabon shafi ne, ko dole sai na biya kuɗin talla?

Mai atamfa, Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa albarka a nema, ya kuma huce miki takaici, don na san zafin ɗaukar waya da safe a duba a ga shiru.

Kafin komai, ki cire maganar rufewa daga ranki da hannunki. Ki shiga shafin, ki nemi wurin da aka rubuta Page status, wani lokaci yana cikin Professional dashboard. A nan Facebook ke nuna ko akwai laifin da aka ɗora wa shafi, da kuma ko ya cancanci a nuna shi ga waɗanda ba mabiyansa ba. Idan kika tarar da gargaɗi, to ki goge abin da ya jawo shi ko ki nemi a sake dubawa. Idan kuma babu komai, wanda shi ne zatona, to ba wanda ya rufe ki. Abin da ya same ki kashi biyu ne. Akwai wanda ya sami kowane shafin kasuwanci a duniya, ba ki da hannu a cikinsa. Akwai kuma wanda ya faru a cikin shafinki, shi ne ake iya gyarawa.

Mu fara da na kowa. Da yawanmu mun ɗauka idan mutum ya bi shafi, kamar ya ba da adireshin gidansa ne, duk abin da aka wallafa za a kai masa har ƙofa. Ba haka abin yake ba, kuma ya daɗe da daina zama haka. Tun a 2014 Facebook da kansa ya bayyana cewa duk lokacin da mutum ya buɗe manhajar, akwai abubuwa kusan 1,500 da ke jiran a nuna masa, daga 'yan'uwa da abokai da zauruka da shafukan da yake bi, amma kusan 300 ne ake zaɓa a jera masa. Tun daga lokacin masu wallafawa ƙaruwa suke yi, a Kano kaɗai ki ƙirga masu sayar da atamfa a waya yau da na shekarar da kika fara. Shi kuwa mai kallo, awoyinsa ba su ƙaru ba, datarsa ma tsada ta ƙara. Kaya sun yi yawa, rumfa ba ta faɗaɗa ba.

Alƙaluman sun nuna haka tun da wuri. A 2012 Facebook ya ce a matsakaici fostin na shafi yana kaiwa ga kusan kashi 16 cikin ɗari na mabiyansa. Zuwa farkon 2014, wani bincike na kamfanin talla na Ogilvy ya gano abin ya sauko kusan kashi 6, manyan shafuka masu mabiya sama da dubu 500 kuwa kusan kashi 2. Bayan cunkoso, kamfanin ya yi sauye-sauye da gangan. Daga Janairun 2015 ya rage nuna fostin da tsabar talla ce, irin na "zo ka saya" kawai. A Janairun 2018 shugaban kamfanin, Mark Zuckerberg, ya fito ya ce za a fifita abin da ke haɗa mutane hira da 'yan'uwa da abokai, kuma ya faɗa ƙarara cewa za a rage ganin abubuwan 'yan kasuwa da kafofin labarai.

Sauyin da ya fi taɓa ki, tunda a 2019 kika fara, shi ne wanda ya biyo bayan tasowar TikTok. Facebook ya koma cusa wa mutane bidiyo da fostin na waɗanda ba su taɓa bi ba. A tsakiyar 2022 Zuckerberg ya ce irin waɗannan sun kai kusan kashi 15 na abin da mutum ke gani, a 2024 kuma ya ce sun kai kusan kashi 30, a Instagram, wanda shi ma na kamfanin ne, sun haura rabi. Ma'ana, a da da 'yan'uwan mai kallo da sauran shafukan da take bi kike takara. Yanzu har da mai girki a Legas da mai barkwanci a Kaduna da mai wa'azi da ba ta taɓa jin sunansa ba. A tsakiyar wannan duka kuma akwai gurbin tallan da aka biya, wanda daga shi ne kusan duk kuɗin shigar kamfanin ke fitowa. Ba na ɓoye miki, kamfanin yana amfana idan ɗan kasuwa ya ga dole ya biya. Amma ko da babu wannan, cunkoson kaɗai ya isa ya rage ki.

To ta yaya ake zaɓen wanda za a nuna? Kin san yaran nan na bakin Kwari da ke tare baƙuwa su ce "Hajiya me za a kawo?", su ja ta zuwa shago. Ki ɗauka kowace mai waya tana da irin wannan ɗan rakiya nata ita kaɗai, wanda ya san duk abin da ta taɓa tsayawa ta kalla, da wanda ta wuce ko kallo ba ta yi ba. Bambancinsa da na Kwari shi ne, ba ya karɓar la'ada a hannun mai shago sai in talla aka biya. Burinsa kawai kada Hajiya ta gaji ta bar kasuwar. Saboda haka ba zai kai ta shagon da take wucewa kullum ba, ko da ta taɓa cewa tana son shagon. Wannan ɗan rakiyar shi ake kira algoridim.

Facebook ya bayyana aikin nasa a matakai huɗu, kuma gara mu bi su da mutum guda don ki gani da ido. Ga wata mai bin shafinki a Gusau, ta idar da sallar isha, yara sun kwanta, ta buɗe waya. Da farko manhajar tana tattaro duk abin da za a iya nuna mata tun rabon ta da shiga: hotunan sunan da yayarta ta saka, muhawarar zauren tsofaffin ɗaliban makarantarsu, hotunanki goma na yau, da tarin bidiyon baƙi. Sai ta duba alamomi a kan kowanne: wa ya wallafa, yaushe rabon da matar nan ta taɓa wani abu nasa, hoto ne ko bidiyo ko rubutu kuma wanne ta fi tsayawa a kai, tun yaushe aka saka shi, waɗanda suka riga ta gani me suka yi da shi. Har ƙarfin sabis ɗin wayarta ana dubawa. Daga alamomin sai a yi hasashe: shin za ta danna layik, za ta yi tsokaci, za ta tura wa wata, za ta kalla har ƙarshe, ko za ta ɓoye shi. A ƙarshe a haɗa hasashen a ba kowane fostin maki, a jera daga mai yawa zuwa mai kaɗan.

Bari in ƙirƙiro lissafi don misali kawai. Lambobin nawa ne, ba na kamfanin ba, amma haka tsarin yake tafiya. Mu ce layik maki 1 ne, tsokaci maki 5, turawa maki 10. Hotunan sunan yayarta: cikin ɗari, yiwuwar layik 60, tsokaci 30, turawa 2. Wato 60 da 150 da 20, jimla 230. Bidiyon wata mai girki da ba ta bi: layik 10, tsokaci 2, turawa 5, wato 10 da 10 da 50, jimla 70. Hoton atamfarki mai ɗauke da farashi kawai, wanda ta wuce irinsa sau talatin a makon nan: layik 3, tsokaci 1, turawa babu, jimla 8. Ba a goge fostin ɗinki ba, yana nan a layi. Amma yana can ƙasa, a lamba ta ɗari da wani abu, ita kuwa bayan ta ga abu ashirin barci ya ɗauke ta.

Ki lura da abu guda a lissafin nan. Ba shafinki ake ba maki gaba ɗaya ba, kowane fostin ake aunawa a gaban kowane mutum. Fostin guda yana iya zama na uku a wayar aminiyar cinikinki da ke tambayar ki farashi kowane mako, ya zama na ɗari biyar a wayar wata. Kuma abin yana cin kansa: wadda ba ta taɓa fostin ɗinki ba, gobe makinki a wajenta ya ƙara sauka, ba za ta gan ki ba balle ta taɓa, har ta manta da ke ba tare da ta daina bin ki ba.

Yanzu mu dawo cikin shafinki, inda nake so ki saurare ni da kyau, don ba zargin ki nake yi ba, kusan kowa ya yi abin da kika yi. Mutum dubu tara ɗin da rabon data ya kawo, data suka zo nema. Da yawansu samari ne da ɗalibai da ke yawo shafi-shafi duk inda aka ce ana rabo, ba su da niyyar sayen leshi ko a bikin ƙanwarsu. Dubu biyar ɗin da aka sayo kuwa, irin waɗannan galibi asusun bogi ne ko na mutanen wasu ƙasashe da ko Hausa ba sa ji. Duk lokacin da fostin ɗinki ya faɗa wayar ɗan neman data ya wuce shi a guje, an rubuta cewa wani ya gani bai tsaya ba. Idan irin wannan ya taru a sa'o'in farko, alamar da ke kan fostin ɗin ita ce ba ya riƙe mutane, sai makinsa ya sauka har a wajen matar Gusau da da ta gani da ta saya. Taron da kika tara don ya ɗaga ki, shi ne yake ba da shaida a kanki.

Akwai kuma ita kanta kalmar "yi tagin mutum biyar". Tun Disambar 2017 Facebook ya sanar cewa zai riƙa danne fostin da ke roƙon layik ko tagin ko yaɗawa ko tsokacin dole, kuma shafin da ya mayar da hakan ɗabi'a za a fi danne shi. Don haka daga yau ki bar "duk mai son wannan ya rubuta amin", ki bar "yi shiya don Allah". Tambaya ta gaskiya, irin wadda kike buƙatar amsarta, ba ta cikin wannan. "Wanne ya fi dacewa da ankon kamu, mai ruwan zuma ko mai ruwan toka?" tambaya ce da mata za su amsa da jimla cikakkiya, har su yi gardama da juna a ƙasa, kuma irin wannan hirar ce aka ce ana fifitawa.

Idan kika raba 300 da dubu 18, za ki ga ƙasa da kashi 2 cikin ɗari, abin ya tayar miki da hankali. Amma ki raba 300 da dubu huɗun nan da suka zo don atamfa tun asali, za ki ga kashi 7 da rabi. Har yanzu an sauka, amma ba faɗuwar da kike zato ba ce. Lambar da ke saman shafi ce take ruɗin ki. Don ki tabbatar, ki buɗe Meta Business Suite, manhajar kamfanin ta kula da shafukan kasuwanci, ki shiga Insights, ki duba Audience. Zai nuna miki jinsi da shekaru da garuruwan mabiyanki. Idan kika ga maza sun fi mata a shafin atamfa, ko kika ga biranen da ba ki taɓa aika kaya ba kuma ba mazaunin Hausawa ba ne sun shigo sahun gaba, kin ga inda matsalar take. Na taɓa duba shafin wata mai turaren wuta da ta zo min da kuka irin naki, muka tarar birni na biyu a jerin mabiyanta a wata nahiya yake. Ta yi shiru ta daɗe tana kallon wayar, don kuɗin da ta biya aka kawo mata su, ribar wata guda ce.

Sai maganar hotunan dila. Hoton nan da ya tura miki, ya tura wa duk wanda ke zaurensa na WhatsApp, kafin azahar shafuka hamsin sun saka shi, da shimfiɗa ɗaya da haske ɗaya. Mai kallo ta riga ta gan shi a wani wuri, idonta ba zai tsaya ba. Kamfanin ma ya nuna inda ya dosa: Instagram ya sanar a 2024 cewa idan abu biyu iri ɗaya ne, na asalin zai riƙa gabatarwa, Facebook kuma a 2025 ya ce zai rage yaɗa abin shafukan da ke yawan kwafo na wasu. Haka bidiyon da ke ɗauke da tambarin TikTok, tun 2021 Instagram ya ce ba ya tura shi sosai. Saka guda goma a rana kuma ba ya ninka damarki sau goma. Manhajar ba ta son jera wa mutum abin shafi ɗaya a jere, don haka naki ne ke takara da naki, kuma kowane wanda aka wuce yana ƙara koya wa ɗan rakiyar nan cewa shagonki na wucewa ne.

Abin da nake so ki gwada shi ne ki mayar da abin da kika sani ya zama fostin, ba abin da kike da shi a shago kawai ba. Ke da kika shekara kina shiga Kwari, kin san abin da mai saye ba ta sani ba kuma take tsoro: atamfar da za ta zuba a wankin farko, leshin da duwatsunsa za su zube kafin a tashi daga biki, yadin da aka ce shida ne tela ya auna ya ga bai cika ba. Ki kafa wayarki a tsakar gida da hantsi, inda haske yake da kyau. Ki ɗauko ƙyallen atamfa biyu, da roba mai ruwa, da farin hankici. Ki jiƙa hankicin ki goga a ta farko, ki ɗaga shi a gaban kyamara a ga ya yi shuɗi. Ki goga a ta biyu, ki ɗaga shi fari tas. Ba sai fuskarki ta fito ba, hannu da murya sun isa. Daƙiƙa talatin zuwa arba'in. Kada ki fara da doguwar gaisuwa da sunan shago, ki fara da hankicin a kan atamfa da jimla ɗaya: "Kafin ki biya kuɗin anko, ki yi wannan." Mutane a daƙiƙun farko suke yanke shawarar tsayawa ko wucewa, gaisuwar ta zo a rubutun ƙasa.

Mu mayar da wannan bidiyon cikin lissafinmu na ɗazu, a wayar matar Gusau ɗin dai. Layik 12, tsokaci 6, turawa 8, don ƙanwarta na shirin fitar da anko kuma za ta so ta gani. Wato 12 da 30 da 80, jimla 122. Bai kai hotunan suna ba, kuma ba zai taɓa kai su ba, amma ya wuce mai girki, ya shigo cikin ashirin ɗin da take gani kafin barci. Turawar nan ki riƙe ta da muhimmanci. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya ce a farkon 2025 alamomi uku da suka fi nauyi a wajensu su ne tsawon lokacin da aka kalla, da layik, da turawa ga wani, kuma turawa ta fi tasiri wajen kaiwa ga waɗanda ba mabiya ba. A nan ne sauyin da ya cuce ki yake iya yi miki rana. Ƙofar da baƙi ke shigowa wayar mabiyanki, ta nan ke ma za ki shiga wayar matan da ba su taɓa jin sunanki ba. Instagram ya bayyana cewa irin wannan abu ana fara nuna shi ga mutane kaɗan da ake ganin zai burge su, ko suna bi ko ba sa bi, idan ya yi kyau a faɗaɗa, idan ya sake yin kyau a ƙara faɗaɗawa. A wannan hanyar yawan mabiya ba shi ne abin dubawa ba.

Ba ina nufin ki daina nuna kaya da farashi ba, ai sayarwa kika fito yi. Ki ɗauki hoton da kanki, a hannunki ko a jikin wadda ta ɗinka in ta yarda, ki haɗa kala biyar a fostin ɗaya maimakon biyar daban-daban. Ki rubuta farashin a fili. "Shigo inbos don jin farashi" yana tara tsokacin "nawa?" amma yana korar mai saye ta gaskiya wadda ba ta son ja-in-ja. Wadda ta yi tambaya kuma ki amsa mata da wuri da cikakkiyar magana, don wannan musayar tana ƙara kusancinku a idon manhajar, gobe za ta fi saurin ganin ki. Idan kina yawan saka linkin da ke fitar da mutum daga Facebook, ki rage, ki yi amfani da maɓallin WhatsApp da ake haɗawa da shafi.

Batun sabon shafi, ra'ayina kada ki buɗe yanzu. Tsohon yana ɗauke da shekarunki, da tsokacin waɗanda suka karɓi kaya suka yaba, kuma a kasuwancin da ake tura kuɗi kafin a ga kaya wannan shaidar jari ce. Mutanenki na gaskiya ma suna ciki. Asusun bogin da kika gane, marasa hoto ko masu sunayen da ba su yi kama da na masu sayen atamfa ba, ki riƙa toshe su kaɗan-kaɗan idan kin samu sarari, kada ganin lamba na raguwa ya dame ki. Amintattun masu sayenki kuma ki roƙe su a WhatsApp, ba a fostin ba, su saka shafinki cikin Favorites. Facebook yana ba kowa damar zaɓar mutane ko shafuka har 30 da za a riƙa ɗaga masa sama.

Talla kuwa ba dole ba ce, kuma ba haramun ba ce, haya ce ta wuri mai kyau a kasuwa. Sharrinta shi ne a yi ta ba lissafi. Kada ki taɓa biya don a ƙara miki mabiya ko layik. Ki jira sai wani fostin ya nuna yana tafiya da ƙafarsa, sannan ki danna Boost post a kansa, ki zaɓi manufar samun saƙonni, ki taƙaita ga mata, da shekarun masu sayenki, da garuruwan da kike iya aika kaya a mota. Sai ki yi lissafin 'yan kasuwa. A ce kin sa naira dubu goma a kwana biyar, mata 25 suka yi miki magana, kowane saƙo ya tsaya miki a naira 400. Idan uku suka saya, ribarki a kowacce dubu huɗu, kin samu dubu 12, kin fita da riba da kuma lambobin mata 25. Idan ɗaya ce ta saya, kin yi asara, ki tsaya ki duba ko fostin ɗin ne ko waɗanda kika zaɓa. Ki kuma sani, ranar da kuɗin ya ƙare lambobin za su koma inda suke, wannan ba hukunci ba ne, hayar ce ta ƙare.

Lambobin nan da kike tarawa su ne abin da ba wanda zai canja miki tsarinsa da daddare. Duk wadda ta taɓa saye ko ta tambaya, ki ajiye lambarta, ki roƙe ta ta ajiye taki. Sai ta ajiye za ta riƙa ganin abin da kika ɗora a Status, kuma sai ta ajiye saƙonki na Broadcast zai isa gare ta, wanda kowane jeri yake ɗaukar mutum 256. Kada ki cika su da saƙo, sau ɗaya ko biyu a mako idan sabon kaya ya sauka ya wadatar. Mata ɗari biyu da suka taɓa tura miki kuɗi sun fi miki dubu tara ɗin rabon data, nesa ba kusa ba.

Ki ba gwajin nan mako huɗu cur, kada ki yanke hukunci a kwana uku, don manhajar ta daɗe tana koyon cewa ana wuce ki, sai a hankali za ta sake koyo. A kowane mako ki saka bidiyo biyu na ilimin kaya da fostin uku na kayan sayarwa da kika ɗauka da hannunki, ba rabo, ba roƙon tagin. Ki samu littafi ki ja layi biyar: ranar fostin, mutum nawa suka gani, nawa ne daga cikinsu ba mabiya ba, sau nawa aka tura, mata nawa suka yi miki magana a kansa. Ki riƙa cikewa bayan kwana biyu da saka kowanne. Idan masu gani sun ƙaru amma ba mai magana, bidiyon yana nishaɗantarwa ne bai nuna cewa kina sayarwa ba, sai ki ƙara farashi da garinku a ƙarshensa. Idan ana barin bidiyon tun farkonsa, buɗewar ce za ki gyara. Idan kuma bayan mako huɗun ba abin da ya motsa ko kaɗan, har waɗanda ba mabiya ba ba sa gani, kuma Audience ya nuna bogin sun rinjayi na gaskiya, to a lokacin ne za mu yi maganar sabon shafi, ki kwashe mutanenki ta WhatsApp ki kai su can. Ki rubuto min da abin da littafin ya nuna, mu duba tare. Allah ya kawo kasuwa mai albarka.